Ribar Takarda: Yadda Hauhawar Farashi Ke Cin Jarin Tsofaffin Kamfanoni

A farkon shekarar 2024, kamfanin Nestlé na Najeriya, mai yin Maggi da Milo, ya fitar da lissafinsa na shekarar 2023, sai ga asarar da ta haura naira biliyan 79. Abin da ya fi tayar wa masu hannun jari hankali shi ne, a takarda, bashin da ake bin kamfanin ya zarce duk abin da ya mallaka. Ba a jima ba, cikin shekarar 2024 ɗin, kamfanin ya kira masu kimanta kadara suka sake yi wa filayensa da gine-ginensa da injinansa kuɗi. Darajar kadarorin ta tashi da sama da naira biliyan 100, alhali ba a sayo ko ƙusa ɗaya ba. Masana'antun da ke Agbara da Sagamu da Abaji suna nan yadda suke jiya. Lambar da aka rubuta a gabansu ce kawai ta canza.

Wanda bai san aikin akanta ba zai iya cewa an yi rufa-ido. Amma tsohuwar lambar ce ta daɗe da rabuwa da gaskiya. Bashin da kamfanin ya ci da kuɗin waje, ƙa'ida ta ce a juya shi zuwa naira da canjin ranar rufe lissafi, kuma naira ta faɗi warwas tun daga watan Yunin 2023. Injinan da aka sayo da irin wannan kuɗi kuwa suna rubuce da nairar shekarun baya. Ɓangare ɗaya na takardar yana magana da kuɗin yau, ɗayan yana magana da kuɗin da.

Tushen matsalar wata tsohuwar ƙa'ida ce ta akantoci: a rubuta kowace kadara da kuɗin da aka saye ta, a bar ta a haka. Fili da aka saya naira miliyan biyu shekaru arba'in da suka wuce, miliyan biyu zai ci gaba da zama a littafi ko da unguwar ta zama tsakiyar gari. Ƙa'idar tana da hujja mai ƙarfi. Kuɗin saye yana da rasiɗi, mai binciken lissafi zai iya gani da idonsa, kuma babu manajan da zai kumbura shi don ya burge banki. Darajar yau kuwa ra'ayi ce, masu kimantawa biyu za su iya ba da lamba biyu. Sai dai ƙa'idar ta jingina ne da zato guda, cewa kuɗin da ake awo da shi ba ya canzawa. Idan mudu yana ƙanƙancewa kowace shekara, wanda ya haɗa awon bara da na bana da na shekaru goma baya ya ce ga jimillar hatsinsa, lissafinsa daidai ne a alƙalami, amma ba wanda zai iya faɗin abin da ke cikin rumbun. Haka akanta yake yi idan ya tara nairar 1995 da ta 2015 da ta 2024 a layi ɗaya.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ya san wannan tun kafin a ba shi suna. Idan ya sayo dila a naira dubu ɗari, ya ji cewa a wurin sari ta koma dubu ɗari da talatin, ba zai sayar a dubu ɗari da ashirin ya ce ya ci ribar dubu ashirin ba. Zai ce da mai saye: "Alhaji, idan na ba ka a haka ba zan iya mayar da ita ba." Ribarsa ita ce abin da ya rage bayan ya mayar da kayan da ya fitar. Haka ma wajen zakka, malaman mazhabar Malikiyya sun ce ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, idan shekara ta zagayo, ya yi wa hajarsa kuɗi da farashin kasuwar ranar, ba da abin da ya saye ta ba. Babban kamfani mai akantoci da kwamfuta ne ake tilasta wa bin rasiɗin da.

Yadda abin ke faruwa ya fi fitowa fili da misali. A ɗauki wani kamfanin roba na ƙiyasi a Sharaɗa, mai yin bokiti da buta da kujeru. Lambobinsa na misali ne, amma canjin dala da haraji na gaske ne. A farkon 2015 ya shigo da injina na dala miliyan ɗaya, lokacin da dala take wajen naira 200 a farashin hukuma, wato naira miliyan 200. An kiyasta injinan za su yi shekara goma suna aiki. Saboda haka akanta yana cire naira miliyan 20 kowace shekara daga riba a matsayin kuɗin tsufan inji. Ma'anar wannan ragi ita ce, injin yana cinyewa a hankali cikin kayan da yake fitarwa, don haka dole a lissafa abin da ya ci a cikin tsadar kayan, kamar yadda ake lissafa gas da albashi.

A shekarar 2024 kamfanin ya yi cinikin naira biliyan uku. Ƙwayar robar da ya narka ta ci biliyan biyu da miliyan 200. Albashi da gas da wuta da sauran hidima sun ci miliyan 480. Kuɗin tsufa miliyan 20. Ribar da ta rage miliyan 300 ce. Hukumar haraji ta karɓi kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda ake karɓa daga manyan kamfanoni, wato miliyan 90. Daga miliyan 210 da suka saura, shugabanni suka raba wa masu hannun jari rabi, miliyan 105, suka ce sun yi tsimin sauran. Kowa ya tashi daga taron shekara yana murna.

Amma a 2024 dala ta kai wajen naira 1,500. Ko da mai ƙera injin bai ƙara ko sisi a farashinsa na dala ba, irin waɗannan injina yanzu naira biliyan ɗaya da rabi ne. Kashi ɗaya cikin goma na rayuwarsu, wanda shi ne abin da aikin shekarar ya cinye, ya kama miliyan 150, ba miliyan 20 ba. Ke nan akwai tsadar miliyan 130 da littafi bai gani ba, ya lissafa ta a cikin riba. Kuma da a ce kamfanin ya riƙa ajiye miliyan 20 ɗin nan a gefe kowace shekara har goma, abin da zai tara miliyan 200 ne, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na sabon inji ba.

Rami na biyu yana cikin sito. Kamfanin ya shiga shekarar da ƙwayar roba ta miliyan 400 a ajiye. Farashinta ya tashi da kashi 30 cikin ɗari kafin ƙarshen shekara. Akanta yana ɗauka cewa abin da ya fara shiga sito shi ya fara fita, saboda haka yana auna cinikin yau da tsadar kayan da aka sayo watanni baya, lokacin suna da sauƙi. A ƙarshen shekara sito yana ɗauke da buhuna daidai adadin farkon shekara, ba ƙari ba ragi, amma an biya miliyan 520 kafin a cika shi. Wannan bambanci na miliyan 120 ya shiga cikin ribar da aka sanar, alhali kuɗin ba ya aljihun kowa. Yana kwance a sito, kuma ba za a iya taɓa shi ba sai idan an yarda injina su tsaya.

Idan aka cire miliyan 130 da miliyan 120 daga miliyan 300, ribar da kamfanin zai iya fitarwa ba tare da ya rage girmansa ba miliyan 50 ce kacal. A kan wannan miliyan 50 ne ya biya harajin miliyan 90, kusan ninki biyu na ribar kanta, ya kuma raba miliyan 105. Miliyan 195 sun fita, miliyan 50 suka shigo. Ragowar miliyan 145 daga uwar kuɗi aka yanko su. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya karya doka, kuma mai binciken lissafi zai sa hannu da zuciya ɗaya. Abin da manajan kuɗi zai lura da shi kawai shi ne, duk da ribar da ake ta shela, kowane wata sai ya koma banki neman rance don sayen kayan aiki.

Wannan cuta tsofaffin kamfanoni ta fi kamawa, musamman masu manyan kadarori masu daɗewa: masaƙu, kamfanonin siminti da sukari, jiragen ƙasa, masu rarraba wuta da ruwa, masu manyan motocin dakon kaya. Iya tsufan kadara, iya nisan kuɗin sayenta da kuɗin mayar da ita. Mai sayar da katin waya da ke juya jarinsa cikin mako ba ya jin ta sosai. Mai tukunyar tururi da aka kafa tun kafin 1986, lokacin da naira take kafaɗa da kafaɗa da dala, kuɗin tsufan da yake cirewa bai fi na shan shayin ma'aikata ba, idan ma bai riga ya ƙare ba.

Daga nan sai wata ɓarnar ta biyo baya, wadda ta fi ta haraji wuyar ganewa. A ce wani sabon kamfani ya buɗe kusa da na farko a 2024, da injina iri ɗaya, ciniki iri ɗaya. Shi zai cire miliyan 150 na tsufa, ribarsa ta tsaya a miliyan 170, kuma za a auna ta da jarin da ya haura biliyan ɗaya da rabi. Tsohon kuwa ribarsa miliyan 300 ce a kan injinan da littafi ya ce darajarsu ta kusa ƙarewa. Duk wanda ya ɗora takardun biyu a tebur zai ce tsohon ya fi iya aiki nesa ba kusa ba, alhali sabon ne yake da injinan da za su kai shekara goma masu zuwa. Ribar tsohon ta kumbura, jarin da ake raba ta da shi ya tsuke, kuskure biyu suka haɗu suka nufi gefe guda. A cikin babban kamfani mai rassa, irin wannan awo yana sa a yaba wa manajan da ya ƙi sabunta injinansa, a tsangwami wanda ya sabunta. Yana kuma sa tsohon kamfani ya karya farashi, yana ganin yana cin riba, har ya hana sabon numfashi, sannan shi ma ya tsaya cik ranar da injinsa ya mutu.

Ƙarancin darajar kadara a littafi yana da nasa haɗarin. Wanda ya yi inshorar gobara da lambar littafi, ranar da wuta ta tashi zai karɓi abin da ba zai gina ko katanga ba. Magada da ke raba hannun jarin mahaifinsu bisa lambar littafi za su iya zaluntar wanda aka biya kuɗi aka sallama. Masu farautar kamfanoni kuma sun daɗe da sanin cewa tsohon kamfani mai fili a tsakiyar birni yana iya fin abin da takardunsa suka nuna daraja sau da yawa, sai su saye shi da arha, su rufe masana'antar, su sayar da filin.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Hauhawar farashi tana yi wa mai cin bashin naira alheri, domin zai biya da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa rauni. Da a ce rabin kuɗin injinan Sharaɗa rance ne na naira mai tsayayyen ruwa, wani ɓangare na asarar ya koma kan wanda ya ba da rancen, kuma littafi ba ya nuna wannan ribar. Akasin haka, kamfanin da ke ajiye kuɗi a banki, ko yake ba dillalai kaya bashi na wata uku, yana asara a ɓoye, domin miliyan ɗarin da za a biya shi ba za ta sayi abin da za ta saya ranar da kayan suka fita ba. Saboda haka ba a cewa kowace riba ta kumbura daidai wa daida. Sai an duba wane ne ke bin wani, da wane irin kuɗi.

Duniya ta sha wannan darasi tun da daɗewa. A Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda a watan Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, kamfanoni sun riƙa sanar da riba mai sifili rututu alhali rumbunansu suna ƙarewa. Wani malamin jami'a a Frankfurt, Fritz Schmidt, ya wallafa littafi a 1921 yana cewa a auna tsadar kaya da kuɗin mayar da su a ranar sayarwa, abin da ya wuce haka ne kawai riba. Da aka daidaita kuɗin ƙasar, sai da aka sa kamfanoni suka sake buɗe littattafansu a 1924 da mak na zinariya, domin tsofaffin lambobin sun zama shirme. A Amurka, kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ya ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan kuɗin tsufan da ya cire a 1947, yana cewa abin da ƙa'ida ta yarda ba zai mayar da tanderunsa ba. Hukumomin lissafi ba su amince ba, kamfanin ya janye.

Birtaniya ce ta fi kowa gwada gyara da gaske. A 1974 farashi yana gudu, kamfanonin ƙasar suna nuna riba a takarda amma kuɗin hannu ya ƙafe, kuma haraji yana hawa kan ƙarin darajar kayan sito, irin miliyan 120 ɗin nan ta misalin Sharaɗa. A watan Nuwamba na shekarar, ministan kuɗi Denis Healey ya kawo sassauci na gaggawa, aka daina karɓar haraji a kan mafi yawan wannan ƙari. A 1975, shekarar da hauhawar farashi ta kai wajen kashi 24 cikin ɗari, kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Francis Sandilands ya ba da shawarar a koma lissafi da farashin yau. Akantoci da kansu suka yi tirjiya: a 1977 mambobin babbar ƙungiyarsu ta Ingila da Wales suka kaɗa ƙuri'ar ƙin a tilasta sabon tsarin. Sai a 1980 aka fitar da ƙa'idar, mai lamba 16, wadda ta sa manyan kamfanoni su buga lissafi na biyu da farashin yau.

Ba ta yi tsawon rai ba. Aikin yana da wahala da tsada, kuma ya dogara da ƙiyasi: nawa ne kuɗin mayar da injin da aka daina ƙera irinsa, wanda sabon da ya gaje shi ya ninka shi sauri? Hukumar haraji ba ta karɓi sabon lissafin a matsayin ma'aunin haraji ba, don haka kamfanoni ba su ga abin da suka samu ba. Shugabannin kamfanoni kuma ba sa son takardar da ke rage ribar da ake yaba musu a kanta. Da hauhawar farashi ta sauko zuwa wajen kashi biyar a 1983, sai kamfanoni suka riƙa watsar da ita ɗaya bayan ɗaya. An ɗage tilascin a 1985, aka soke ƙa'idar a 1988. Amurka ma ta bi sawu: ta wajabta wa manyan kamfanoni ƙarin bayani kan tasirin farashi a 1979, ta mayar da shi ganin dama a 1986. Abin takaici shi ne, ƙasashen da ke rubuta ƙa'idojin lissafi na duniya sun warke daga ciwon, suka ajiye maganin, suka bar ƙasashen da har yanzu suke fama da shi da littafin da aka tsara don kuɗi mai zama wuri ɗaya.

Abin da ya rage a ƙa'idojin duniya, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su a 2012, ƙofofi biyu ne. Ta farko ita ce wadda Nestlé ya bi: kamfani yana da zaɓin ya riƙa sake kimanta filaye da gine-gine da injina lokaci-lokaci. Wannan yana gyara hoton kadara, yana kuma ƙara kuɗin tsufan shekaru masu zuwa, wanda ke matso da riba kusa da gaskiya. Amma ƙarin darajar ba kuɗi ba ne, ba a biyan albashi da shi, ba a raba shi. Bai taɓa matsalar sito ba, domin ƙa'idojin duniya sun hana tsarin da Amurka ta yarda da shi, na ɗaukar cewa kayan da suka shigo a ƙarshe su suka fara fita. Kuma rangwamen da hukumar haraji ke yi a kan injina yana bin kuɗin da aka kashe wajen saye ne, ba sabon ƙiyasi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙa'ida mai lamba 29, ta 1989, wadda aka tanada don ƙasashen da farashi ya haukace. Ita tana sa a ɗauki kowace tsohuwar lamba a ninka ta da gwargwadon tashin farashin kaya tun ranar saye, a kuma fito da riba ko asarar da aka yi ta riƙe kuɗi da bashi. Ɗaya daga cikin alamunta shi ne hauhawar farashi ta shekara uku a haɗe ta kusa ko ta wuce kashi 100 cikin ɗari. An yi aiki da ita a Ajantina daga 2018, Turkiyya daga 2022, Ghana daga 2023, Sudan kuwa ta daɗe a cikin jerin. Aibinta a fili yake: ƙasar da farashi ke tashi da kashi 20 kowace shekara ba ta kai layin ba, alhali cikin shekara huɗu kuɗinta ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa.

Najeriya ta taka wannan layi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Disamba sun nuna kashi 21.34 a 2022, kashi 28.92 a 2023, da kashi 34.80 a 2024, waɗanda idan aka ɗora su kan juna sun haura kashi 100. A watan Janairun 2025, hukumar da ke kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi ta ƙasa ta yanke cewa ba za a yi aiki da ƙa'idar 29 a lissafin 2024 ba, bisa hujjar cewa lambar ba ita kaɗai ce alama ba, kuma har yanzu da naira jama'a ke ciniki da sa farashi. Hukuncin yana da abin kafa hujja, kuma babu ƙasar da ke son a sa mata wannan suna. Sakamakonsa dai shi ne, gyaran da littafi bai yi ba ya koma wuyan mai karatu.

Mai hannun jari ko ma'aikacin banki ko magajin kamfani zai iya yin wannan gyara da kansa, ko da a gurguje. Wurin farawa shi ne yawan kaya, ba yawan naira ba: tan nawa aka sayar bana, tan nawa bara. Cinikin da ya ƙaru da kashi 25 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 34 ja da baya ne. Daga nan sai a bar shafin riba a buɗe shafin shige da ficen kuɗi. Idan riba tana hawa shekara uku a jere, kuɗin da aiki ke kawowa yana sauka, bashin banki na gajeren lokaci yana ƙaruwa, kuma yawan kaya bai canza ba, to sito da masu karɓar kaya bashi ne ke shanye ribar.

A bayanan da ke bin lissafi akwai jadawalin kadarori, wanda mutane kaɗan ne ke karantawa. Yana nuna kuɗin sayen injina na asali da jimillar tsufan da aka cire zuwa yau. Idan na biyun ya kai kashi 80 cikin ɗari na na farkon, injinan sun kusa ƙarshen rayuwarsu, babban kashe kuɗi yana bakin ƙofa. A raba jimillar tsufan da abin da ake cirewa a shekara, za a samu ƙiyasin shekarun injinan. Da wannan shekara a hannu, sai a duba nawa dala take a lokacin idan injinan na waje ne, a ninka kuɗin tsufan da bambancin canji. A misalin Sharaɗa, daga 200 zuwa 1,500 ninki bakwai da rabi ne, miliyan 20 ta zama miliyan 150. Idan ribar da aka sanar ba ta iya ɗaukar wannan ƙari ba, rabon da shugabanni suka kawo taron shekara don a amince da shi daga jari za a biya shi, kuma masu hannun jari suna da ikon su tambayi nawa aka tanada don sayen inji na gaba kafin su ɗaga hannu.